Tsohuwar Allura: Akwatin Faransa da Jarkar Gida

'Yan'uwa na Garwa da Marwa, ina gaisuwa. A nan Faransa, mai ciwon suga da ke yi wa kansa allurar insulin ba ya sayen abin zuba tsofaffin allurai. Kantin magani ne ke ba shi akwatin roba mai ruwan ɗorawa da koren murfi, kyauta, a ƙarƙashin wani tsari mai suna DASTRI. In ya cika, ya kulle, ya mayar. Mu a gida ba a raba irin wannan, alhali mai allura safe da yamma yana tara allurai sittin a wata.

Madadinsa jarka ce mai kauri, irin ta man inji, mai ƙaramin baki da murfin murɗawa. A duba ƙasanta: in akwai lamba 2 cikin alwatika, robar mai ƙarfi ce. Gorar ruwan sha ba ta yi, tsini na huda ta, kwalba kuma tana fashewa. Da an gama allura a jefa ta cikin jarkar, tsini ƙasa. Kada a lanƙwasa, kada a karya, kada a mayar mata da hularta, domin a nan ne ake yawan sokewa. Idan jarkar ta kai kashi uku cikin huɗu, a murɗe murfin a naɗe da salatif.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. A nan, roba in ta shiga shara ta tafi ke nan. A wajenmu jarka mai kyau ba ta kwana a bola: yaro zai tsinta, ya zazzage ta da hannu, ya kai wa mai sayar da fetur a bakin titi. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B kuwa tana iya yin mako guda da rai a busasshen jini. Saboda haka rubutun gargaɗi a jikin jarkar kaɗai bai isa ba, ba kowa ke karatu ba. A rubuta, a kuma shafa mata jan fenti, sannan a miƙa ta hannu da hannu ga ma'aikacin asibiti, a tambaya ko za su haɗa da nasu sharar allurai.

Inda asibiti ya yi nisa, a cike ragowar jarkar da kwaɓaɓɓen siminti, ya bushe, a binne a rami mai zurfi nesa da rijiya. Ƙonawa a tsakar gida ba mafita ba ce: roba ta narke, ƙarfen ya rage cikin toka inda yara ke tafiya ba takalmi.

Wanda allurar wani ta soka, ya wanke da ruwa da sabulu, kada ya tsotsa. Ya tafi asibiti a ranar, domin maganin rigakafin cutar ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72.