Abareji ko Na Tsakiya: Wanne Za Ka Ɗauka Idan Albashin Manya Ya Shiga Lissafi?

Shekarun baya na karɓi aiki a wani kamfani saboda lamba ɗaya da aka faɗa mini ranar intabiyu: "matsakaicin albashinmu". Da wata ya ƙare, abin da ya shigo mini bai kai rabinta ba, kuma babu ko ɗaya a ofishinmu da ke karɓar kusa da ita. Ba su ƙirƙiri lambar ba, albashin masu kamfanin suka zuba cikin namu suka raba. Tun daga ranar nake tambayar yadda aka fitar da kowane matsakaici kafin in yarda da shi.

A ce ma'aikata goma ne a wani kamfanin ruwan leda. Biyu suna karɓar naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da dokar 2024 ta tsayar. Ɗaya 75,000, biyu 80,000, sai 90,000, 95,000 da 110,000. Manaja yana karɓar 600,000, mai kamfani kuma ya yanka wa kansa 1,500,000.

Abareji shi ne ka tara duka ka raba da yawan mutane. Jimilla 2,770,000, a raba goma, 277,000 ke nan. To wa ke karɓar haka? Babu. Mutum takwas cikin goman nan ko rabinta ba sa gani.

Na tsakiya kuwa jera mutane ake yi daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki wanda ya faɗo tsakiyar layi. Tunda goma ne, na biyar da na shida ake haɗawa a raba biyu: 80,000 da 90,000, ya ba da 85,000. Rabi suna ƙasa da ita, rabi suna sama. Idan ƙanenka ne zai nemi aiki a wurin, wannan ce lambar da zai lissafa kuɗin haya da na mota a kanta. A Excel, idan albashin goman yana gurbin B2 zuwa B11, `AVERAGE` ne ke fitar da abareji, `MEDIAN` kuma na tsakiya:

```
=AVERAGE(B2:B11)
=MEDIAN(B2:B11)
```

Abin da ya sa na fi son na tsakiya shi ne ba ya bin kuɗin mutum ɗaya. A ce mai kamfani ya ninka nasa zuwa 3,000,000. Nan take abareji ya haye 427,000, sai ka rantse an yi wa kowa ƙari, alhali direba da mai gadi ko sisi ba su gani ba. Na tsakiya yana nan a 85,000, domin matsayin mutum a layi yake dubawa, ba nauyin aljihunsa ba. Haka ma idan akawu ya ƙara sifili ɗaya bisa kuskure, ko ya saka albashin shekara a gurbin na wata: abareji ya lalace, na tsakiya da ƙyar ya motsa.

Abareji yana da ranarsa, wato ranar kasafi. Idan kana son sanin nawa za a fitar a ƙarshen wata, 277,000 sau goma ne zai mayar maka da 2,770,000 daidai. Na tsakiya sau goma 850,000 zai ba ka, ka rasa na biyan mutane. `TRIMMEAN`, wato abarejin da Excel ke fitarwa bayan ya yanke gefe biyu na layin, bai warware mini komai ba: ka cire ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya fito 150,000, manaja yana nan yana jan sa.

Inda ake cutar mutane shi ne kalmar "matsakaici", domin tana rufe duka biyun, kuma mai tallar aiki wadda ta fi girma zai zaɓa. Ka tambaye shi kai tsaye: tarawa aka yi aka raba, ko na tsakiyar layi aka ɗauka? Mutum nawa ne a lissafin? Da shugabanni a ciki? Akwai masu cire leburori da 'yan kwantiragi kafin su lissafa, kuma wannan dabarar har na tsakiya tana ɗagawa, don haka kada sunansa kaɗai ya kwantar maka da hankali. Wasu kuma suna haɗa alawus da kuɗin da ba a cire wa haraji da fansho ba, su kira shi albashi. Idan takardar Excel ɗin ta zo hannunka, duba guraben da babu komai: `AVERAGE` da `MEDIAN` duka suna tsallake gurbin da aka bari fayau, amma suna ƙirga wanda aka rubuta 0. Share 'yan gurabe daga ƙasa ya isa a gyara wa lamba fuska.

Ni dai yanzu duka biyun nake fitarwa in ajiye su gefe da gefe. Idan na ga abareji ya ninka na tsakiya sau uku, kamar 277,000 da 85,000, sai in jera albashin daga babba zuwa ƙarami in karanta sunayen da ke layi biyun farko kafin in sa hannu a ko'ina.