Hitar sola: mai presha ko mara presha?

"Salamu alaikum jama'a. Gidanmu a Aboabo ne, mu biyar, politankinmu yana kan karfe bayan gida. Ina so in sa hitar sola saboda wankan asuba, an nuna min kala biyu, mai presha da mara presha. Wanne ya fi, kuma in babu rana fa?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka koma shago ka fita bayan gida ka duba tsayin politankin nan naka, don shi zai yanke maganar ba mai shago ba.

Mara presha za ka gan shi da kwalabe dogaye baƙaƙe an jera su, tankinsa kwance a sama. Kowace kwalba kamar lita 10 ake lissafa mata, ku biyar lita 150 mai kwalba 15 ya ishe ku tunda sirkawa ake yi. Shi ya fi araha, kwalba in ta fashe a canza ta ita kaɗai. Amma tankinsa a buɗe yake, yana da bututun numfashi a sama wanda ba a toshewa ko da wasa, kuma ruwa da nauyinsa kawai yake saukowa. To dole gindin politanki ya fi tankin hita tsayi kafin ruwa ya shiga, ita ma hitar ta fi kan shawa tsayi. Kowace mita ɗaya ta tsayi presha bar 0.1 kawai take bayarwa, in hita mita biyu take saman shawa ruwan zai zo ne a hankali kamar na buta. Yawancin gidajen zango politanki bai kai rufi ba, nan ake samun matsala, sai dai a ɗaga ƙarfen ko a sa ƙaramin famfo mai cika ta.

Abin da ya faru da ni kenan, wani mai aikin famfo ya haɗa min ruwan sanyi daga injin turo ruwa, na zafi daga mara presha, duka a miksa ɗaya. Na sanyin ya fi ƙarfi sai ya riƙa tura na zafin baya, ni ina wanka da ruwan sanyi hita tana amai a kan kwano. In ka ga ruwa na zuba ta bututun numfashi duk lokacin da aka buɗe shawa, wannan ne. Maganinsa layin sanyi da na zafi su zo da ƙarfi ɗaya.

Mai presha tankinsa a rufe yake, injin ya turo ruwa ta ƙasa na zafi ya fita ta sama da ƙarfin nan, babu ruwansa da tsayin politanki. Ya fi tsada, dole a sa masa bawul na sakin presha, kuma ranar dumso da aka ɗauke wuta injin bai tashi ba shawa babu ruwa.

Duk wanda ka ɗauka lita 150 kilo 150 ne ban da nauyin ƙarfe da kwalabe, kada a ɗora a kan kwano tsakanin katako, a sa ƙafafunsa saman bango ko a yi masa tebur na ƙarfe. Ya fuskanci kudu, kuma ya zauna daidai saman banɗaki. Dalili kuwa ruwan da ya kwana a bututu sanyi yake yi, koren bututu na mili 25 mita 15 yana riƙe fiye da lita 3 da za ka zubar kafin zafi ya iso, na mili 20 kamar lita 2. Koren nan da ake narka bakinsa a haɗa za ka saya, a naɗe shi da soso, na gam ɗin da ake jan ruwan sanyi laushi yake yi ya buɗe. Kuma ranar haɗawa kada a zuba ruwa cikin busassun kwalabe da tsakar rana, fashewa suke yi, a bari sai asuba.

Maganar hadari, mu nan Kumasi Yuli da Agusta ne rana take ɓuya, sai hunturu ƙura ta rufe kwalabe a riƙa sharewa. Duka biyun ana sa musu elament na wuta cikin tanki. Lita 150 daga digiri 25 zuwa 55 yunit 5 da ɗan kai ne, elament mai wat 1500 awa uku da rabi kenan, kuma ko da hadari ruwan yakan ɗan yi ɗumi ba daga 25 zai fara ba. Kada ka bar shi a kunne kullum, zai dafa ruwan da dare rana ta fito ta tarar babu aiki mita kuwa tana cin kuɗi. Ka taɓa ruwan bayan la'asar, in bai yi ba ka kunna, ka kashe bayan isha'i. A ja masa layinsa daban da bireka da wayar ƙasa.

Ni da nake wanka da bokiti mara presha nake amfani da shi har yau, na ja masa famfonsa daban a banɗaki. In shawa mai ƙarfi kake so kuma kana da injin, ɗauki mai presha.