Kujerar da ta dace da ƙunƙuntaccen falo mai ƙofa ɗaya

A falo mai tsawo marar faɗi, zurfin kujera ne ke cinye wuri, wato daga bayanta zuwa gabanta. Mutane kuwa tsawo kawai suke tambayar kafinta.

Mu ɗauki falo mai faɗin ƙafa 9 da tsawon ƙafa 15, ƙofa a kusurwar gajeren bango, taga a ɗaya daga dogayen bangayen. Kujerar kushin ta yau da kullum zurfinta kusan ƙafa 3 ne. In ka sayi cikakken saiti irin na jeren amarya, mai zaman mutum uku da mai biyu da ƙanana biyu, dole wasu su fuskanci juna. Ƙafa 6 ta tafi ke nan, saura 3 a tsakiya. Mutum biyu suka zauna, gwiwoyinsu sun tare hanya, mai kawo abinci sai ta riƙa tsallake ƙafafun baƙi da tire a hannu. Ban ba da shawarar saitin nan a irin wannan ɗaki ba, kome kyansa a shago.

Abin da na fi so shi ne mai zaman mutum uku guda ɗaya, miƙaƙƙiya, tsawonta wajen ƙafa 7, a jingina ta da dogon bangon da ba ƙofa kusa da shi. Ƙafa 6 ta rage a gabanta, ta ishi ƙaramin tebur da hanyar wucewa, har a shimfiɗa darduma a yi salla. A ƙara ƙaramar kujera ɗaya a ƙuryar ɗaki, da tum-tum biyu don ranar baƙi. Ka kula da hannuwanta: masu kaurin inci 10 kowane gefe sun ci inci 20 na bango ba wanda ya zauna a kai. Siriran hannuwa sun fi.

Mai siffar L tana yiwuwa, amma da sharaɗi. Gajeren ɓangarenta kan fito kamar ƙafa 5, don haka sai a can ƙarshen falo, nesa da ƙofa. In ya faɗo gefen ƙofa, ya datse shiga. Ka faɗa wa kafinta ko dama kake so ko hagu, domin yawancinsu ba sa juyuwa, kuma ya yi ta gida biyu a haɗa a ciki.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, buɗe ƙofa ka auna tsakanin firam da firam. Ƙofar da ake kira ƙafa 3 sau da yawa ba ta cika inci 34 ba. A gicciye ake shigar da kujera, saboda haka tsayin bayanta kada ya kai faɗin ƙofar, ƙafafunta kuma su zama masu kuncewa. Sannan ka zana girmanta a ƙasa da alli, ka buɗe ƙofa har ƙarshe ka ga ko ta taɓa layin.