Yadda na farfasa zanen jijiyoyin hannu a Anki: sharhin mako shida

Duk wanda ya yi aji biyu a karatun likita ya san zanen da ake kira brachial plexus, tarin jijiyoyin da ke fitowa daga laka a wuya, su ratsa hammata su sauka hannu. Saiwoyi 5 daga C5 zuwa T1, gangar jiki 3, rabe-rabe 6, igiyoyi 3, sai manyan rassa 5 na ƙarshe. Sunaye 22 ke nan a shafi ɗaya, ban da ƙananan rassa. Na yi kwanaki ina zura masa ido, da na rufe littafi sai ya bi iska.

Wata abokiyar karatuna ce ta nuna mini Image Occlusion a Anki, manhajar bitar karatu da katuna, wanda tun daga sigar 23.10 yake zuwa a cikinta, ba sai an ɗora ƙari ba. Ka saka hoto, ka ja akwati a kan kowane suna, kowane akwati ya zama kati. Cikin minti goma na rufe duka 22, na zaɓi Hide One, Guess One, wato a ɓoye suna ɗaya a bar sauran a buɗe.

Makon farko kusan kowane kati Good nake danna masa, wato na tuna amsar, har na fara jin kaina. Ranar da na ɗauki biro da farar takarda zan zana abin da ka, sai na tsaya cak a kan igiyoyi. Ashe ba jijiyoyin na haddace ba. Idan aka ɓoye suna ɗaya cikin igiyoyi uku, ga lateral ga medial a fili, ai ko makaho ya san saura posterior. Girman akwatin ma yana tona asiri: a rassan ƙarshe, dogon nan musculocutaneous ne, ɗan guntun kuwa ulnar. Laifina ne, manhajar ta yi abin da na ce ta yi.

Akwai wata matsalar da ban lura da ita da wuri ba. Duk katunan da suka fito daga hoto ɗaya 'yan uwan juna ne a wajen Anki. In suka zo a jere, katin farko ya riga ya nuna maka amsar na biyu. Da na kunna Bury new siblings don in raba su, sai sabon kati ɗaya tak yake fitowa a rana daga wannan hoton. Kwana 22 kafin in gama ganinsu, alhali gwaji saura mako biyu.

Dole na rushe na sake gini. Na zana abin da hannuna a takarda uku, na ɗauka da waya: ta farko saiwoyi da gangar jiki, ta biyu rabe-rabe da igiyoyi, ta uku rassan ƙarshe. Kowace takarda na shigar da ita daban, saboda haka kati uku ke fitowa a rana. Akwatunan duk na mai da su girma ɗaya. Rabe-raben baya guda uku na haɗa su rukuni ɗaya, kati ɗaya, tunda dukansu igiyar baya, wato posterior, suke zuwa, kuma abin da ake so ka riƙe ke nan. A filin Back Extra na katin radial na rubuta layi ɗaya: daga igiyar baya take, in ta lalace wuyan hannu ya lanƙwashe ƙasa.

Sannan na koma Hide All, Guess One, inda ake rufe duka a tambaye ka ɗaya. Nan ne gumi ya fara. Median ta ba ni wahala har sai da na kama siffar harafin M da take yi tare da musculocutaneous da ulnar, ita a tsakiya tana karɓar reshe daga igiyoyi biyu. Shawarata: ɓoye ɗaya na kwana biyu-ukun farko ne, lokacin da kake koyon unguwar da maƙwabta, bayan nan a rufe duka.

Abin da katunan ba su yi mini ba shi ne ɗakin gawa. A can babu layuka masu launi, jijiyoyin duk fari-fari ne, kuma igiyoyin suna kewaye da babbar jijiyar jinin hammata, wadda daga matsayinsu a jikinta suka samo sunayensu. Ni kuwa ban ma saka ta a zanena ba. Yanzu ina ƙara takarda ta huɗu da ita a tsakiya. Jan akwatunan kuma a kwamfuta nake yi, don yatsana ya yi wa allon waya kauri, bita kawai nake yi a AnkiDroid cikin adaidaita sahu.