Gano ainihin mai iko da rukunin kamfanonin iyali: wace hanya za ka biya wa kuɗi?

Kafin ka sayi hannun jari a kamfanin da ke cikin rukunin wani gida, sai ka san wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Hanyoyi uku ne a gabanka, kuma farashinsu ya yi nisa da juna.

Mafi araha ita ce rajistar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista a Najeriya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk mai kashi 5 cikin ɗari ko fiye na hannun jari ko ƙuri'a, kuma tun 2023 kowa na iya duba wannan rajista kyauta. Sai dai abin da kamfani ya faɗa da bakinsa ne a ciki. Sau da yawa za ka tarar da sunan mahaifin da ya rasu tuntuni, ba a sauya shi da na magada ba, ko na wani yaron gida da aka ɗora a takarda kawai.

Ta biyu ita ce rumbun bayanai da ake biya kafin a shiga, irin Orbis. Yana zana maka bishiyar mallaka nan take, yana da amfani idan sarƙar ta ƙetara zuwa Birtaniya. Amma da zarar ta shiga tsibiran British Virgin, inda ba a buɗe sunayen masu hannun jari, sai ya tsaya cik.

Ta uku, wadda na fi yarda da ita duk da tsadarta, lauya ne zai karɓo kwafin takardu masu hatimi daga CAC, ya gwada su da rajistar mambobi, wato masu hannun jari, ta kowane kamfani, ya kuma nemi yarjejeniyar masu hannun jari. A nan ake ganin wa ke naɗa daraktoci, da kuma ko an jinginar da hannun jarin a banki.

Ko wa za ka ɗauka, fara gwada shi da wannan misali. Alhaji na da kashi 70 na uwar kamfani. Uwar na da 40 a kamfanin shinkafa, 55 a na sufuri. Na sufuri na riƙe da 25 na shinkafa, na shinkafa kuma na riƙe da 20 na sufuri. Mai ninka lambobi kai tsaye zai ce rabon uwar a shinkafa 53.75 ne, ya manta da ribar da ke zagayowa ta dawo. Idan x ne rabon uwar a shinkafa, y kuma rabonta a sufuri, ga lissafin daidai:

```
x = 0.40 + 0.25y
y = 0.55 + 0.20x
x ≈ 0.566
```

Rabon Alhaji a ribar shinkafa kusan kashi 40 ke nan. Ƙuri'a kuwa ba ninka ta ake yi ba, tarawa ake yi: tunda shi ke juya uwar, ita kuma ke juya sufuri, 40 da 25 duk nasa ne, wato 65. Rahoton da ya kawo maka lamba ɗaya tak bai raba riba da iko ba, kada ka biya ragowar kuɗinsa.