Ƙwayar hana amai a mota: abin da na gani tsakanin Kano da Yola

Ina sarin atamfa da leshi a Kantin Kwari in kai Jimeta, kusan duk wata biyu. Tafiyar wuni ce guda, daga asuba zuwa bayan magariba, ta Wudil da Birnin Kudu, a shiga Gombe, a bi Kaltungo, a ƙetare gadar Numan. Ni kuwa tun ina yarinya mota ba ta karɓe ni ba. Hamma ce ke fara zuwa, sai yawu ya cika mini baki, gumi mai sanyi ya tsatso a goshi, daga nan na san sai leda. Na yi shekaru ina riƙe lemon tsami a hannu ina shinshinawa, ina tauna goro, wani lokaci in ƙi cin komai tun dare. Babu wanda ya tsayar da aman. A bara na gwada ƙwayoyi iri biyu da ake samu a kemis, kowacce a tafiya fiye da ɗaya, shi ne nake son faɗin yadda muka kwashe da su.

Ta farko ita ce wadda mutane ke kira Abomin, sunan sinadarinta furometazin, miligiram 25. Karon farko da na sha ta, kuskuren nawa ne. Na ajiye ta a jaka, na ce sai na ji zuciyata ta fara tashi. Mun wuce Wudil kaɗan, ina kujerar ƙarshe ta bas, na ji alamar, na haɗiye ta da ruwan leda. Ba a yi minti ashirin ba na dawo da ita. Na sauka Jimeta ina cewa maganin banza ne.

Wata maƙwabciyata, ma'aikaciyar jinya ce da ta girme ni, ita ta gyara mini fahimta. Da na ba ta labari sai ta ce, "Maman Ummi, ai ba a jiran ya fara. Da zarar zuciya ta tashi, ciki yana rage aiki, abin da kika haɗiya sai ya zauna bai wuce cikin hanji ba, balle ya shiga jini. Kin zuba magani a tukunyar da za ta kife." Na ce, "To Anti, yaushe zan sha?" Ta ce in buɗe takardar da ke cikin kwalin mu karanta tare. A nan aka rubuta cewa idan doguwar tafiya ce, babba ya sha ƙwaya ɗaya da daddare lokacin kwanciya, a daren da gobe za a tashi. Idan gajeriya ce, awa ɗaya ko biyu kafin shiga mota.

Tafiya ta gaba na sha bayan sallar isha'i. Ta yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Har muka isa Gombe ban nemi leda ba, abin da ban taɓa gani ba. Amma ta karɓi ladanta. Da ƙyar na tashi asuba, bakina ya bushe ƙamas, kuma barcin bai sake ni ba har azahar. A tasha ana loda dilolin kayana a bayan mota, ɗan kamasho yana ƙirga mini, ni kuwa kaina ya yi nauyi, sai da na sa ya sake ƙirgawa sau biyu. Mace mai tafiya ita kaɗai da kaya da kuɗi a jiki, wannan nauyin kan ba ƙaramin abu ba ne. Idan tare nake da maigida ko ƙanena, zan iya shan ta in yi barcina. Idan ni kaɗai ce, ba na sha.

Ta biyu ita ce sinarizin, wadda ake sayarwa da sunan Situjiron da wasu sunaye. Wadda na samu miligiram 25 ce kowace ƙwaya. Akwai mai miligiram 15, kuma yawan da ake sha ya bambanta, saboda haka a duba lambar da ke jikin kwali kafin a bi shawarar wani. Ni ina shan ɗaya kamar awa biyu kafin mota ta tashi, bayan na ɗan sa wani abu a ciki, don idan babu komai takan ɗan dami ciki. Motarmu ba ta cika kafin bakwai, don haka ina sha bayan sallar asuba da shayi da burodi. Ƙarfinta ba ya kai wuni. Wajen awa shida zuwa takwas yake fara sauka, wato daidai lokacin da ake tsayawa sallah da cin abinci a Gombe. A nan nake ƙara ɗaya, ba na jira in ji komai, domin abin da ke gaba shi ne mafi wuya: hawa da gangara da kwane-kwanen wajen Kaltungo, ga direba yana kauce wa ramuka yana taka birki.

Ita ma tana sa gyangyaɗi, amma ba ta kai ta farko ba. Ina iya hira, ina iya lura da kayana idan an tsaya sauke wani fasinja. A tafiya huɗu da na yi da ita, uku lafiya ƙalau. Ta huɗun ce ta nuna mini iyakarta, kuma ita ce ta koya mini cewa ƙwaya rabin aiki ce.

Ranar na makara, na samu kujerar baya, a tsakiya, kaya sun toshe gilashin baya, kawunan mutane sun tare mini gaba. Ga wata mai sayen kaya tana ta turo saƙo, na sunkuyar da kai kan waya ina tura mata hotunan atamfa. Na sha maganin a kan lokaci, amma kafin Birnin Kudu yawun ya fara taruwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da suke jin kowane juyi da girgiza, suna kai wa ƙwaƙwalwa labari. Ido ma yana kai nasa. Idan idonki yana kan waya ko bayan kujera, yana cewa a tsaye kike, kunne kuwa yana cewa ana jujjuya ki. Wannan saɓanin ne ke tayar da zuciya, ba wai cikin ne ya lalace ba. Shi ya sa direba ba ya cika yin amai: yana kallon hanya, ya san kwana kafin ya sha ta.

Saboda haka yanzu kujera nake fara saye kafin magani. Ina zuwa tasha da wuri ko in kira tun dare a riƙe mini gaba. A ƙananan motoci irin Sharon, inda wani lokaci ake cusa mutum biyu a gaba, nakan biya kuɗin kujerar duka idan ciniki ya yi kyau. Idan gaba ba ta samu ba, layin da ke bayan direba, gefen taga, inda zan iya hango titi ta gilashin gaba. Bayan tayoyin baya nan ne mota ta fi wurgi da mutum, ga warin hayaƙi da na jarkar fetur idan an ajiye ta a but. Ina jingina ƙeyata da kujera don kai ya daina lilo, in kafa ido can nesa inda titi ya haɗu da sama, ba kan bishiyoyin da ke gilmawa ta gefe ba. Taga a ɗan buɗe. Waya tana cikin jaka sai an tsaya. Idan dare ya yi ba a ganin komai, rufe ido ya fi.

Batun abinci, abin da na daɗe ina yi ba daidai ba shi ne tafiya da yunwa. Ciki wayam ba ya hana amai, kumallo kawai mutum zai yi ta kakari, mai ɗaci, ya fi gajiyarwa. Cika ciki ma haka. Abin da ya karɓe ni shi ne kaɗan-kaɗan, marar maiƙo: burodi ko gurasa ba tare da mai da yaji ba, biskit busasshe, ayaba. Ƙosai, awara, soyayyen ƙwai da tsiren da ake miƙowa ta taga, duk na haƙura da su sai na sauka. Fura da nono ina son ta, amma a mota tana yi mini nauyi. Ruwa kuwa kurɓa nake yi, ba na ɗaga gora in shanye. Citta tana ɗan taimaka mini, nakan yanka ɗanya siri-siri in sa a baki idan na ji yawu ya fara. Tana kwantar da ƙaramin tashin zuciya, amma ban taɓa ganin ta tsayar da wanda ya riga ya yi nisa ba, don haka ba na ɗaukar ta a madadin ƙwaya.

Wani abu da ya kamata a sani kafin a saya a kemis: waɗannan ƙwayoyi biyu dangin maganin ƙaiƙayi da mura ne, na tsohon zubi masu sa barci. Sababbin da ba su cika sa barci ba, irin su loratadin da setirizin, ba sa hana aman mota. Kar a yarda a musanya. Kuma ba a haɗa biyun a sha tare, ba a kuma ɗora su kan maganin barci ko maganin tari mai sa maye. Wanda zai yi tuƙi kada ya kusance su, ko da a daren jiya ya sha, domin na ga yadda furometazin ke bin mutum har washegari. Mai ciki da mai shayarwa su tambayi likita tukuna, haka dattijon da fitsari ke yi masa wuya, da mai hawan ruwan ido da ake kira gulukoma, da mai ciwon karkarwa.

Yara su ne suka fi shan wahalar mota, musamman daga shekara 2 zuwa 12. Ummi tana da shekara 8, ta gado ni. Da zan tafi da ita hutu, sai da na koma wajen Anti, ta ce rabin na babba, kuma ta ja kunnena cewa furometazin ba a ba jaririn da bai kai shekara 2 ba ko kaɗan, yana iya danne masa numfashi, waɗannan ƙwayoyin ma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 5 sai da izinin likita. Na ba Ummi rabin sinarizin, na ɗora ta kan naɗaɗɗen zane don ta hango titi ta gaba, na karɓe wayar da take wasa da ita. Ta yi barci daga Wudil, ta farka tana neman biskit.

Aman mota yana lafawa idan an sauka. Ni cikin awa ɗaya ko biyu nake dawowa daidai, sai ɗan jiri da kasala. Sau ɗaya ne bai lafa ba, na kwana ina yi a Jimeta, ga zazzaɓi da ciwon kai, na ɗauka gajiyar hanya ce har na kusa ƙara ƙwaya. 'Yar'uwata ta matsa aka je gwaji da safe, ashe maleriya ce. Tun daga ranar, idan amai ya bi ni har gida, ko ya zo da zafin jiki ko gudawa, ba na buɗe kwalin sinarizin, asibiti nake nufa.