Araha kala uku ce a Ingila

Yaya Hadiza barka da gida, ya yara. Na ga hotunan jakunkunan fatan da kika turo, amma don Allah kafin ki sa su a kasuwar intanet ki goge kalmar cheap ɗin nan da kika rubuta a ƙasa, bari in gaya miki dalili.

Mu a gida in ka ce kaya da araha ai talla ka yi masa, a Kantin Kwari har kiranka ake zo ga araha. To nan Manchesta cheap tana ɗauke da raini, irin araha ba ta ado ɗin nan. Bature in ya gani a jikin jaka abin da zai zo ransa shi ne ledar roba ce, ɗinkin zai warware, zif zai mutu. Ni da kaina farkon zuwana na sayi rigar sanyi fam 12 a wani shago, an rubuta cheap ɓaro-ɓaro, sati uku zif ya tsaya kuma ruwa na ratsa ta har cikin singileti. Inda kalmar ba ta da laifi shi ne abin da ingancinsa ɗaya ne ko nawa ka biya, kamar tikitin jirgi ko man fetur, nan kowa cheap yake nema ba kunya.

Inexpensive kuwa ba ruwanta, cewa kawai take kuɗin ba yawa, ba ta taɓa mutuncin kayan ba. Sai dai ta rubutu ce, ba kasafai nake jin ta a baki ba.

Wadda nake so ki lura da ita sosai ita ce affordable. Ita da aljihun mai saye take magana, wato daidai ƙarfinka, shi ya sa masu talla ke son ta, mutum zai saya bai ji an ce masa talaka ba. Amma fa ba ta nufin sauƙi, wallahi nan ne baƙo ke ruɗewa. Lokacin da nake neman gida na ga an rubuta Affordable Rent sai na ɗauka ɗan abu kaɗan ne, ashe tsarin gwamnati ne tun 2011, an yarda haya ta kai kashi 80 cikin 100 na kuɗin hayar unguwar. In gida irinsa fam 1,000 ne a wata, za a iya karɓar 800 a hannunka kuma sunansa na nan affordable. Ga mai aikin kula da tsofaffi irina wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga wuta ga gas ga harajin ƙaramar hukuma.

Saboda haka jakunkunanki ki sa affordable, ki faɗa fatar akuya ce ta gaske, ɗinkin hannu daga Kano, sannan ki rubuta farashin a fili kusa da hoton don su nan lambar suke fara dubawa. Ki gaida min Umma.